Ki fara da faranti, amma ki ari sikelin na mako guda

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a nan cikin Katsina, wajen Ƙofar Marusa, shekaruna 34, 'ya'yana huɗu. Tun haihuwata ta ƙarshe jikina ya ƙi sauka. Nauyina yanzu kilo 84, tsawona santimita 162, kuma mahaifiyata tana fama da ciwon suga, abin da ke ba ni tsoro ke nan, duk da an gwada nawa an ce lafiya lau. Ƙanena da ke zuwa wajen ɗaga ƙarfe ya sa mini wata manhaja a waya, ya ce in riƙa auna duk abin da zan ci ina ƙidaya makro, har sikeli ya ce zai ba ni. Wata nas kuma ta ce in bar wannan wahala, in raba farantina kashi-kashi kawai. Mu shida ne a gida, tukunya ɗaya muke ci. Wanne zan kama? Ba na son in fara abin da zan watsar bayan sati biyu.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kama na nas ɗin. Amma kada ki mayar wa ƙanenki da sikelinsa tukuna, akwai aikin kwana bakwai da zai yi miki, zan zo kansa. Kuma ba don lissafinsa ƙarya ne na ce haka ba. Lissafin daidai yake, gidanki da tukunyarki ne ba su dace da shi ba, musamman ga wadda yanzu za ta fara.

Bari mu yi lissafin tare sau ɗaya, don ki ga abin da yake nema daga gare ki. Makro ɗin nan abubuwa uku ne da jiki ke samun ƙarfi daga gare su: furotin, wato abin da ke cikin nama da ƙwai da wake da nono, sitaci da suga, waɗanda ake haɗawa a kira kabohaidiret, sai mai. Da kalori ake auna wannan ƙarfin: giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, na sitaci ma 4, na mai kuwa 9. Wannan 9 ɗin ki riƙe ta, ita ce rabin maganar da zan yi miki yau. Akwai wani lissafi da ake kira Mifflin-St Jeor, wanda aka fitar a 1990, shi yawancin manhajojin nan ke amfani da shi wajen ƙiyasta abin da jikin mutum ke ƙonawa ko yana kwance. Na mace ga shi:

```
(10 × kilo) + (6.25 × santimita) − (5 × shekaru) − 161
```

Idan muka sa naki: 840, a ƙara 1,012, a cire 170, a cire 161, ya ba da kusan 1,520. Tunda kina tsayuwa a aji, kina aikin gida, amma ba kya wani motsa jiki na musamman, sai a ninka da 1.375, ya zama kusan kalori 2,100 a rana. Wannan ne abin da ke riƙe ki a kilo 84. Don ki riƙa sauka a hankali, a cire 450, saura 1,650. Daga nan sai a raba: a ce furotin giram 90, mai giram 55, abin da ya rage, kusan giram 200, na sitaci. Shi ke nan, kin gama ɓangare mai sauƙi. Minti biyar ne, kuma ko shi ƙiyasi ne, zai iya kuskure jikinki da kalori ɗari ko ɗari biyu sama ko ƙasa.

Wahalar tana farawa ne idan aka sauke tukunya. Ki buɗe manhaja irin MyFitnessPal ki nemi tuwon masara, za ki iya samun amsoshi da yawa da suka saɓa wa juna, domin mafi yawan abin da ke ciki mutane ne irinki suka shigar, kowa da tuwon gidansu. Tuwo kuwa gari ne da ruwa, kuma ruwa ba shi da kalori. Mai tuƙa shi da tauri da mai yin sa ruwa-ruwa, idan kowacce ta auna giram 300, ba abu ɗaya suka ci ba. Miya ta fi muni. Miyar taushen da kika zuba wa gyaɗa da manja da ta maƙwabciyarki da ta yi da ɗan daddawa da kabewa suna ɗaya suke amsawa, amma tazarar da ke tsakaninsu na iya kai ninki biyu. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da kundin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma a ciki akwai gero da dawa da kuka da wake. Amma ba kundin da ya san yawan man da hannunki ya tsiyaya jiya da daddare.

Hanyar da masu yin abin da gaske ke bi ita ce su auna kowane kayan haɗi tun yana ɗanye, su tara, su auna abin da ya dahu gaba ɗaya, sannan su auna rabonsu su fitar da kasonsa. Ga namijin da ke dafa wa kansa shinkafa da ƙirjin kaza a tukunya ƙarama, iri ɗaya kullum, wannan ba komai ba ne, ina jin irin rayuwar da ƙanenki ke kallo ke nan. Ke kuwa kin dawo daga makaranta ƙarfe biyu, yara na jan zaninki, maigida zai shigo bayan la'asar, ga tukunyar mutum shida. Ga biki, ga suna, ga kwanon da maƙwabta suka aiko. Ni kaina na taɓa gwadawa, kwana tara na yi. Ranar ta goma aka kawo mini dambu daga gidan surukaina, na tsaya da waya a hannu ina tunanin ta ina zan raba tsaki da zogale da mai da gyaɗa, sai na ga dambun na hucewa. Na ajiye wayar na ci abina.

Akwai wani kuskure guda da kusan duk mai farawa ke yi, ko da ba za ki ƙidaya ba ya kamata ki san shi. Giram 100 na ɗanyar shinkafa kalori kusan 360 ne, giram 100 na dafaffiya kuwa kusan 130, saboda ta sha ruwa ta kumbura. Wadda ta auna ɗanya ta shigar da ita a matsayin dafaffiya ta rage wa kanta lissafi kusan ninki uku, ta yi wata guda tana mamakin yadda waya ke cewa tana ƙoƙari, sikelin nauyi kuma ya ƙi motsi. Kuma ko an kauce wa wannan, ɗan Adam ba ya iya faɗin abin da ya ci daidai. A 1992 an buga wani bincike da aka yi a birnin New York kan masu ƙiba da ke cewa ba sa cin abin kirki amma ba sa raguwa. Da aka auna su da kyau, sai aka ga suna rage abin da suke ci da kashi 47 cikin ɗari wajen faɗa. Ba ƙarya suke da gangan ba. Lomar ɗanɗanon gishiri, ragowar abincin yaro da aka ce kada a zubar, ƙosai biyu a bakin ƙofar makaranta, su ne ba sa shiga littafi.

Kada in yi wa ƙidayar rashin adalci, tana da abin da faranti ba zai taɓa ba ki ba. Tana buɗe ido. Giram 90 na furotin da muka ce, a baki kamar ba komai, amma ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai, wato da ƙwai kaɗai za a cika shi sai an ci goma sha biyar. Kofi ɗaya na dafaffen wake giram 13 ne ko kusa da haka, naman da ya kai faɗin tafin hannunki bayan ya dahu kusan 25, kofin nono kusan 8. Sai mace ta yi wannan lissafin take gane cewa tsoka ɗaya da ke yawo a miyar kuka ba ta kai ko'ina ba, kuma shi ya sa yunwa ke dawowa awa biyu bayan an tashi daga kan tuwo mai yawa. Furotin ya fi sitaci riƙe ciki, kuma shi ke kare tsokar jiki idan nauyi na sauka, don kada abin da ke tafiya ya zama nama maimakon kitse. Haka kuma idan abu ya tsaya, mai ƙidaya tana da inda za ta duba ta gyara. Mai faranti sai dai ta yi zato.

To ga farantin. Ki samo mai faɗin inci 9, wato kusan santimita 23, ki auna da tef ɗin tela, domin farantan tangaran da muke jerawa a kabet da yawansu sun fi haka nesa ba kusa ba. Rabinsa ganye da kayan lambu marasa sitaci. Kwata ɗaya furotin. Kwata ɗaya tuwo ko shinkafa ko taliya ko doya. Ruwa a gefe. Wannan tsarin ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka take koyarwa, kuma gwamnatin ƙasar ta fitar da nata mai kama da shi a 2011 da sunan MyPlate. Ga wadda ciwon ke cikin danginsu irinki, wannan ma wani dalili ne na kama shi.

Yanzu ki ga abin da ya sa na ce ki fara da shi. Ɗauki shinkafa da wake da mai da yaji, yadda aka saba zuba ta. A ce dafaffiyar shinkafa giram 400, kalori 520 ke nan; wake giram 100, kusan 115; mai cokali uku na cin abinci, kowane kusan 120, ya zama 360. Jimla ta doshi 1,000. Sai a sake zuba ta bisa tsarin faranti: shinkafa daidai dunƙulen hannunki, kusan giram 150, kalori 195, wake ya ɗan fi na da, a ce kalori 150, dafaffen ƙwai ɗaya, 75, rabin faranti na kabeji da latas da tumatur da albasa da kokwamba, bai wuce 50 ba, mai cokali ɗaya, 120. Jimla 590. Bambancin 400 ne da 'yan kai, a cin rana kaɗai. Dubi abin da dogon lissafinmu na farko ya ce a cire: 450. Wato faranti ya kai ki kusan inda manhaja za ta kai ki, ba ki taɓa waya ba, kuma farantin a cike yake, ba wanda zai kalle shi ya ce ana horar da ke da yunwa. Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Sai dai waɗanda suka zana farantin nan ba tuwo da miya suke ci ba, dole ki yi masa gyara uku ko huɗu kafin ya zauna a gidanki.

Miya ba ita ce rabin farantin ganye ba. Miyar kuka cokula kaɗan ne na gari a tukunyar mutum shida, busasshiyar kuɓewa ma haka. Suna da amfaninsu, amma ba za su cika ciki yadda rabin faranti na ganye zai cika shi ba, kuma cika cikin nan shi ne dabarar gaba ɗaya. Don haka daren tuwo ki tanadi ganye daban: dafaffen zogale, rama, alayyafo, tafasa da damina, ko yankakken kabeji da gauta da yalo. Da sanyi zuwa farkon bazara, lokacin da masu noman rani irin na Ajiwa da Jibiya ke cika kasuwa da kabeji da latas da karas da tumatur, abin ba ya da tsada. Da damina ganyen gida ya wadata. Wajen ƙarshen bazara ne ake shan wuya, nan busasshen zogale da rama ke ceto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, rabin faranti sau biyu ya kusa kai ki can. Ki lura da kwaɗo kawai: ƙuli-ƙulin da ke ciki furotin ne da mai, to ya isa, kada a sake bin sa da man gyaɗa har yana sheƙi.

Dankali, doya, rogo, makani da ɗanyar masara duk daga gona suke, amma gurbinsu kwatar sitaci, ba rabin ganye ba. Na sha ganin wadda ta zuba shinkafa a kwata, ta cika rabin faranti da dankalin Hausa tana ganin ta bi doka. Ɗanwake ma kada sunan ya ruɗe ki, yadda ake yin sa yanzu garin rogo ko fulawa ya fi waken yawa, shi ma gurbin sitaci ne. Wake kansa ƙafarsa biyu, furotin ne kuma sitaci ne, dafaffensa giram 100 na da furotin kusan 8 da sitaci kusan 20. Ranar da shi ne furotin ɗinki, ki ɗan rage shinkafar.

Faranti yana da faɗi, ba a ce komai kan tsayi ba, kuma a nan ne ake yi wa kai wayo. Ana iya gina hasumiyar Gobarau da tuwo a cikin kwata ɗaya, a rantse ba a tsallake layi ba. Ma'aunin shi ne dunƙulen hannunki, naki ba na maigida ba. Kuma faranti ɗaya ne, babu ƙari sai na ganye. Abinci mai haɗe kamar dafa-duka, fate da dambu, tun a tukunya ake gyara shi: a ninka ganyen, a rage tsaki ko shinkafar, sannan ki ɗebi rabin faranti ki cika sauran da kabeji. Idan kun saba ci a tire ɗaya da yara, ki zuba naki a farantinki ki zauna tare da su a tabarma guda, ba sai kin ware ba. A gidan biki kuwa, inda ba za ki ce a kawo miki faranti mai inci 9 ba, hannunki na tare da ke: dunƙule ɗaya na shinkafa, tafi ɗaya na nama.

Babban aibin farantin shi ne makaho ne ga abu biyu, kuma su biyun ne suka fi yi mana illa a ƙasar Hausa: mai da abin sha. Ba su da gurbi a zanen, don haka mutum zai iya bin tsarin sak ya ƙi raguwa ko kilo ɗaya. Fura da nono abinci ne cikakke, gero ne da nono da suga, amma da yake a kofi ko kwano ake sha, sai a ɗauke ta kamar ruwa, a sha bayan an ci tuwo. Cokalin cin abinci ɗaya na suga kalori kusan 50 ne, kuma kin san ba ɗaya ake sa wa fura ba. Kunun zaƙi, kunun gyaɗa, koko, zoɓon sayarwa, shayi mai kauri, lemon kwalba wanda rabin lita ɗinsa ke iya ɗaukar suga kusan giram 50, duk haka. Ba cewa na yi ki bar fura ba, Bakatsiniya da fura ai sai Allah. Ranar da za ki sha ta, ita ce abincin wannan lokacin: dunƙule ƙarami, nono da yawa, suga cokalin shayi ɗaya ko babu, kuma ba tuwo a bayanta.

A nan ne sikelin ƙanenki zai yi aiki. Kwana bakwai, abu uku kawai za ki auna, ba manhaja, takarda da biro sun isa.

Na farko mai. Kada ki canza komai a kwana biyun farko, ki zuba yadda kika saba, amma ki fara zubawa a kofi ki auna kafin ya shiga tukunya. Idan ya kai cikin gwangwanin madara, kusan giram 150 ke nan, a ninka da 9, kalori 1,350 a miya ɗaya. A raba wa mutum shida, kowa ya tashi da 225, kuma tunda ƙananan yara ba sa cin rabon babba, naki ya fi haka. Manja da man gyaɗa da man shanu duk ɗaya suke a wannan lissafin, kada wani ya ce miki wannan mai sauƙi ne. Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar sikeli: lita ɗaya ta mai kalori kusan 8,100 ce. Gidan da ke shanye lita huɗu a wata, mutum shida, kowa na samun 180 a rana daga jarka kaɗai, ban da man ƙosai da awara da wainar da aka sayo a waje. Ki rage na miya zuwa rabi a hankali cikin mako biyu, ba rana ɗaya ba, don kada a tambaye ki ko lafiya. Naki na zubawa a kan abinci kuma da cokali, ɗaya, ba daga bakin kwalba ba.

Na biyu garin tuwo. Kada ki auna tuwon, garin za ki auna kafin ki tuƙa, sannan ki ƙirga malmala. Idan gari kilo ɗaya ya ba ki malmala goma, kowace na ɗauke da gari giram 100, wato sitaci kusan giram 75, kalori kusan 360. Malmala biyu sun cinye 150 daga cikin 200 ɗin da lissafi ya ba ki na yini guda, tun ba a yi maganar kokon safe da shinkafar rana ba. Da kin ga wannan sau ɗaya, sai ki riƙa yi wa kanki malmala ta daban, rabin ta gida ko ta ɗan fi, a ƙaramin ludayi ko mara da kika ware. Daga ranar ba sai kin sake aunawa ba.

Na uku furotin, shi kuma ƙirga shi za ki yi don ki ƙara, ba don ki rage ba. Ki ga ko kowane cin abinci na da nasa: ƙwai biyu ko kofin nono marar suga da safe, wake ko alala da rana, kifi ko nama ko awara da dare. Na san nama ya yi tsada. Waken suya da wake da busasshen kifi da nono sun fi shi sauƙi, kuma awara idan aka dafa ta cikin miya maimakon a soya ta sau biyu, ta rabu da yawancin man da ke bin ta. Ba lallai ki kai 90 cif ba. Idan kika tashi daga 40 zuwa 70 za ki ji bambanci a yadda yunwar yamma ke zuwa.

Ranar ta takwas ki mayar masa da sikelinsa da godiya.

Yadda za ki gane abin na aiki kuwa, ki ba shi mako huɗu kafin ki yanke hukunci. Ki hau sikelin nauyi da safe bayan kin zaga, kafin ki ci komai, rana ɗaya a mako, sikeli ɗaya. Makon farko zai iya nuna kilo ɗaya ko fiye sun tafi, kada ki yi guɗa, yawancinsa ruwa ne, domin sitacin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Gab da al'ada kuma, ko washegarin da aka ci abu mai gishiri da dunƙule da yawa, zai iya hawa da kilo ɗaya zuwa biyu ba tare da kin ƙara kitse ba. Abin da ake nema shi ne kwata zuwa rabin kilo a mako idan an duba wata guda. Tef ɗin tela ma ya fi sikeli gaskiya: ki auna cikinki daidai cibiya duk mako biyu, ba tare da kin shanye numfashi ba. Abin da ake so a kai a ƙarshe shi ne kada ya wuce rabin tsawon mutum, naki ke nan santimita 81. Idan wata ya cika ba nauyi ba tef da ya motsa, ruwa ba ya tsami banza. Ki duba jarkar mai, ki duba kofi, ki duba hannunki lokacin girki da lokacin kwashe kwanukan yara. Sai idan duk waɗannan sun fita, sannan ki karɓo sikeli ki yi cikakkiyar ƙidaya ta mako biyu, ki gano inda ɓarakar take, ki koma farantinki.

Akwai waɗanda zan ba amsa daban. Ƙanenki da ke son gina tsoka, wanda masu irin aikinsa ke neman furotin kusan giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsu, ƙidaya ta dace da shi, ya ci gaba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin tana buƙatar sanin giram ɗin sitacin da za ta ci, amma likita ko masanin abinci na asibiti ne zai koya mata, ba manhaja ba. Wannan ya shafi Hajiyarku kai tsaye: idan ta ga farantinki ya burge ta, kada ta zabge tuwonta rana ɗaya alhali tana kan allura ko ƙwayoyi irin gilibenkilamaid, suga na iya faɗuwa, ta ji rawar jiki da zufa da jiri, har ta suma. Ta fara gaya wa likitanta ya daidaita maganin. Mai ciwon ƙoda kada ta ƙara furotin sai da izini. Mai ciki ba ta rage abinci don saukar da nauyi, idan kuma har yanzu kina shayarwa, ki bi tsarin farantin amma kada ki matse sitacin sosai, ki ƙara cin abu tsakanin rana da dare. Wadda kuma ta lura ƙidaya ta fara hana ta sukuni, tana jin laifi kan kowace loma, tana gudun cin abincin mutane don ba ta san lambarsa ba, ta goge manhajar a ranar.

Sugan naki kuma, gwaji ɗaya da ya fito lafiya ba ya nufin an gama. Da nauyinki da tarihin gidanku, ki riƙa maimaita shi duk shekara, da safe kafin ki karya, ki sa a duba hawan jini a tafiya ɗaya. Ki gaida Hajiya da jiki, Allah Ya ƙara mata sauƙi.